Silayid Uku a Shafi Ɗaya: Yadda Ake Fitar da Handawut Daga PowerPoint

Duk wanda ya taɓa leƙa shagunan fotokofi da ke bakin makarantun gaba da sakandare ana saura mako guda a fara jarrabawa ya san irin cinkoson da ake yi. Ɗalibi zai miƙa waya ko filash ya ce a buga masa laccar malam, mai shago ya buɗe fayil ɗin PowerPoint ya danna bugawa, sai injin ya shiga fito da takardu, kowace ɗauke da silayid guda ɗaya tal, da manyan haruffa kamar allon talla. Kuɗi ya tafi, takarda ta yi yawa, kuma babu inda ɗalibin zai rubuta ƙarin bayanin da malam ya yi da baki.

Maganin wannan ɓarna yana cikin manhajar kanta, kuma bai kai aikin minti biyar ba. Sai dai aiki ne da ya kamata mai laccar ya yi a kwamfutarsa, ya rufe shi cikin PDF, kafin fayil ɗin ya bar hannunsa.

A ɗauka wata malama ce ta shirya silayid 45 don ɗalibai 60. Idan aka buga kowane silayid a shafinsa, kowane ɗalibi zai karɓi shafi 45, jimilla 2,700, wato sama da rim biyar na takarda, tunda rim guda takarda 500 ne. Idan aka jera uku-uku a shafi, laccar ta koma shafi 15. A buga gaba da baya, ta zama takarda takwas ga kowane ɗalibi, 480 ga ajin baki ɗaya. Rim guda ya isa har da ragowa.

PowerPoint yana ba da damar jera silayid ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida ko tara a shafi. A cikinsu duka, tsarin uku ne kaɗai ke zuwa da layukan rubutu: silayid uku suna sauka a jere ta gefen hagu, kowanne da layukansa a dama, kamar na littafin rubutu. Wannan ne ya sa masu koyarwa da masu shirya taron bita suka fi son sa. Mai sauraro yana ganin hoton da ake magana a kai, yana rubuta abin da ya fahimta daura da shi, ba sai ya riƙa laluben wane bayani ne na wane silayid ba idan ya koma gida. Tsarin shida ya fi rage takarda, amma ya cinye filin rubutun. Na tara kuwa ya fi dacewa da mai gabatarwar kansa, idan yana son ganin jerin maganarsa a dunƙule.

Ga yadda malamar za ta yi a kwamfuta mai Windows. Za ta shiga File, ta zaɓi Print. A wurin zaɓen firinta, maimakon injin ofis, sai ta ɗauki Microsoft Print to PDF. Wannan ba inji ba ne, hanya ce da ta zo tare da Windows 10 a 2015, wadda ke karɓar abin da aka tura bugawa ta mayar da shi fayil. A ƙarƙashin Settings akwai wani akwati da aka rubuta Full Page Slides a kai, kuma shi ne tushen matsalar da ake gani a shaguna, domin a haka yake zuwa idan ba a taɓa shi ba. Ta danna shi, ta duba rukunin Handouts, ta zaɓi 3 Slides. Nan take hoton shafin da ke gefen dama zai sauya, ta ga silayid uku da layukansu. Idan ta danna Print, kwamfutar za ta tambaye ta sunan da za a sa wa fayil ɗin da wurin da za a ajiye shi.

Kafin ta danna ɗin, akwai ƙananan gyare-gyare da ke raba takarda mai kyau da ta jeka-na-yi-ka. A cikin akwatin da ta zaɓi uku-uku akwai Frame Slides, wanda ke zana siririn layi kewaye da kowane silayid. Idan farin bango ne da silayid ɗin kuma ba a sa wannan layi ba, rubutun sai ya yi ta yawo a shafi, ba a san inda wani ya ƙare wani ya fara ba. Sai girman takarda. A4 ake sayarwa a Najeriya da Nijar, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, amma kwamfutoci da yawa, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, suna zuwa a kan Letter, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma gaza ta tsawo. Ana sauya wannan ta Printer Properties. Ta wurin Edit Header & Footer kuma, a ɓangaren Notes and Handouts, za ta rubuta sunan darasi a saman shafi, ta tabbatar lambar shafi tana nan. Takarda takwas da suka warwatse a jakar ɗalibi ba su haɗuwa cikin sauƙi idan babu lamba.

Batun launi ya cancanci a tsaya a kansa. Zaɓi uku ne: Color, Grayscale da Pure Black and White. Malamai da dama suna son bango mai duhu, shuɗi ko baƙi, saboda yana da kyau a furojekta. Idan aka fitar da PDF ɗin a Color, aka kai shi injin baƙi da fari, kowane silayid zai fito baƙi ƙirin, ya sha tawada, farin rubutun da ke ciki ya dusashe, musamman bayan an yi fotokofin fotokofi. Da Grayscale, PowerPoint yakan mayar da bangon fari, rubutun ya koma baƙi. Pure Black and White ya fi tsanani: yana cire inuwar da ke cikin zane-zane, don haka jadawalin da aka bambanta sassansa da launi kan rasa ma'anarsa. Ga yawancin laccoci Grayscale ne daidai, amma sai an bi shafukan ɗaya bayan ɗaya a hoton gefen dama. Idan ja da kore suka koma toka iri ɗaya a jadawali, gara a koma a rubuta sunan kowane sashe a jikinsa.

Akwai hanya ta biyu, ta File, Save As, a zaɓi PDF, a danna Options, a sauya Publish what zuwa Handouts, a sa 3 a Slides per page. Wanda ya manta bai shiga Options ba, silayid ɗaya a shafi zai samu. A kwamfutar Mac kuwa, cikin akwatin Print ake zaɓen tsarin a ƙarƙashin Layout, sannan a danna PDF a ƙasa a ɗauki Save as PDF.

Babbar matsalar da ba a cika lura da ita ba sai takarda ta fito ita ce ƙanƙancewar rubutu. Tun daga PowerPoint 2013, silayid yana zuwa da faɗin kusan santimita 34. A tsarin uku-uku bai kai rabin faɗin A4 ba, don haka komai yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Rubutun da aka sa a girman 28 zai koma kamar 7, ana iya karanta shi. Wanda aka sa a 12, irin na teburin alƙaluma da aka kwaso daga rahoto aka cusa a silayid, zai koma kamar 3, ko mai kaifin ido sai ya haƙura. A ce silayid na 20 da na 31 na malamar irin waɗannan tebura ne. Ba sai ta rushe tsarin duka ba. A akwatin Slides za ta rubuta lambobin biyun kamar haka, ta fitar da su daban a tsarin 2 Slides ko a cikakken shafi, su zama ƙari a bayan handawut ɗin:

```
20,31
```

Motsi ma ba ya bin takarda. Silayid ɗin da aka shirya hotuna su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, wani ya rufe wani, zai fito da su duka a cakuɗe, na sama ya danne na ƙasa. Bidiyo kuma hoto guda ne zai tsaya a madadinsa. Gyaran shi ne a yi kwafin fayil ɗin don bugawa, a raba irin wannan silayid gida biyu ko uku. Haka nan a duba Print Hidden Slides. Malamin da ya ɓoye silayid ɗin amsoshin gwaji, ya bar wannan a kunne, ya raba wa aji amsa da hannunsa.

Kada a rikita wannan tsari da Notes Pages, wanda ke cikin akwati ɗaya da shi. Shi wannan yana buga silayid guda a saman shafi, da bayanan da mai gabatarwa ya rubuta wa kansa a ƙasa. Na malam ne, ba na ɗalibi ba, kuma sau da yawa akwai abin da bai so kowa ya gani a ciki.

Layukan tsarin uku-uku ba su da yawa, kuma ba a iya ƙara su. Ko a Handout Master, inda ake gyara kai da ƙafar shafi, ba a iya ja ko faɗaɗa gurbin silayid. Darasin lissafi ko na magani, inda ɗalibi ke buƙatar fili sosai, ya fi dacewa da wata hanya: File, Export, Create Handouts, wadda ke tura silayid ɗin zuwa Word. A can akwai Blank lines next to slides da Blank lines below slides, kuma tunda takardar Word ce, ana iya ƙara layuka, a rage hoto, a saka tambayoyi, sannan a ajiye ta a PDF. Kuɗin wannan 'yanci shi ne jira da nauyi, domin turawar kan ɗauki lokaci idan silayid suna da yawa, fayil ɗin kuma yakan kumbura.

Me ya sa sai PDF, ba a tura fayil ɗin PowerPoint ɗin kawai a ce wa mai shago ya zaɓi uku-uku? Domin kwamfutarsa ba ta malama ba ce. Idan babu salon haruffan da ta yi amfani da shi, injinsa zai musanya da wani, layuka su goce, kanun magana su tsallake gurbinsu. Mai rubutu da Hausa ya fi kowa sanin wannan ciwo, tunda ɓ da ɗ da ƙ su ne kan fara lalacewa, su fito da wata siffa dabam da ta sauran haruffa ko su zama ƙananan akwatuna. PDF yakan tafi da haruffansa a cikinsa, abin da malama ta gani a allonta shi ɗalibi zai gani ko a waya ya buɗe.

Saura abu guda a shagon. Manhajar Adobe Acrobat Reader tana da nata zaɓin jera shafuka da yawa a takarda, mai suna Multiple, kuma wasu masu shago sukan bar shi a kunne don rage wa abokan ciniki kuɗi. Idan aka ɗora shi a kan handawut da aka riga aka jera uku-uku, silayid shida ko goma sha biyu za su matsu a fuska ɗaya, layukan rubutun su zama ba su da amfani. A ce masa ya sa Actual size, ko Fit idan gefe yana yankewa. Idan gaba da baya za a buga, ya zaɓi Flip on long edge, don kada bayan takardar ya fito a kife. Sannan a sa ya fitar da takarda ɗaya tukuna, wadda ta fi cunkoson rubutu, a karanta ta a riƙe a hannu, a gwada rubutu da biro a kan layukan, kafin a ba shi izinin buga na mutum sittin.