Rahoton Wata Daga Jami'in Talla Zuwa Ga Darakta

Rahoton wata takarda ce da ƙaramin jami'in talla ke rubuta wa daraktansa don bayyana abin da kuɗin talla suka haifar, da abin da ya kamata a sauya. Shafi ɗaya ya wadatar. Sakamako da shawara su ake fara kawowa, hujjoji su biyo baya, domin darakta hukunci zai yanke a kan kuɗin wata mai zuwa.

Adadin da ya fi muhimmanci shi ne nawa aka kashe kafin a samu mai saye ɗaya. A ɗauki misalin kamfanin turare da ya kashe naira 300,000 a tallan rediyo, ya samu oda 60, sannan ya kashe naira 200,000 a Facebook, ya samu oda 100. Idan aka raba, kowace odar rediyo ta ci naira 5,000, ta Facebook kuwa naira 2,000. In ribar oda ɗaya naira 4,000 ce, to a takarda rediyo faɗuwa ya jawo. Yawan waɗanda suka kalli talla ko suka yaba shi ba ya shiga wannan lissafi, kuma rahoton da ya cika da irin waɗannan alƙaluma yawanci ƙarancin ciniki yake ɓoyewa.

Sai dai a nan ne sabon jami'i ya fi yin gaggawa. Odar Facebook tana barin sawu, tunda mai saye daga tallan yake shigowa WhatsApp. Wanda ya ji talla a rediyo kuwa yakan wuce shago ne kai tsaye, ya saya ya tafi ba tare da an san abin da ya kawo shi ba. Saboda haka oda 60 ɗin nan na iya zama na waɗanda suka kira lambar da aka faɗa kawai. Ana gane hakan idan cinikin shaguna ya tashi a makonnin da tallan ke fita. Lokaci ma yana ruɗarwa: turare kan samu kasuwa gab da Sallah ko da ba a yi talla ba, don haka da Sallar bara ake kwatanta irin wannan wata.

Shawarar da ta dace a wannan misali ita ce a mayar da naira 100,000 daga rediyo zuwa Facebook na wata ɗaya, a kuma sa masu tsaron shago su riƙa tambayar kowane mai saye inda ya ji labarin kayan. Ba a kwashe kuɗin gaba ɗaya, domin ninka kuɗin talla ba ya ninka ciniki. Sau da yawa mutanen da suka riga suka gani ne ake sake nuna wa. Sauyi ɗaya ake nema a wata, don in biyu aka yi tare, rahoto na gaba ba zai iya tantance wanda ya yi aiki ba.