Kebul ɗaya, hoto da caji: yadda ramin USB-C ke yin aiki biyu a lokaci guda

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau maganarmu a kan ɗan ramin nan ne na gefen laftof, USB-C. Ana iya soka masa kebul ɗaya tak, hoto ya fita zuwa monita, caji kuma ya shigo laftof ta cikin wannan kebul ɗin. To amma sau da yawa mutum zai haɗa, ya ga caji na shiga babu hoto, ko ga hoto ya fito amma batir sai ƙasa yake yi. Dalilin shi ne, USB-C sunan siffar ramin ne kawai. Ramuka biyu za su iya zama iri ɗaya sak a ido, aikinsu ya sha bamban. Kafin abin ya yiwu, sai abubuwa uku sun yarda da juna: ramin laftof ɗin, kebul ɗin, da monitar.

Mu fara da ramin. Abu biyu ake so ya iya. Na farko shi ne fitar da hoto, wanda a takardar bayanin laftof za ka ga an rubuta DisplayPort Alt Mode. Na biyu karɓar wuta, shi kuma sunansa Power Delivery, ko PD a taƙaice. Akwai laftof masu araha da yawa da raminsu bai iya ko ɗaya ba, aikinsa kawai ɗaukar fayil. Irin wannan babu manhajar da za ka sauke ta gyara shi, domin tun daga kamfani ba a haɗa ramin da sashen hoto ba. Dubi gefen ramin. In ka ga alamar walƙiya mai kibiya a ƙasa, Thunderbolt ke nan, yana fitar da hoto, kuma a galibin laftof yana karɓar caji. In ka ga alamar DP, akwai hoto. In SS kaɗai ka gani, saurin fayil ta yi maka alkawari, ba ta ce komai ba a kan hoto. Wasu kamfanonin ba sa sa alama sam, don haka ka nemi lambar samfurin laftof ɗinka ka karanta bayaninsa.

Sai kebul, kuma nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa. Bakin USB-C yana da ƙananan haƙora 24, amma ba kowane kebul ne aka ja wa wayoyi zuwa dukkansu ba. Hoto yana bi ta wasu layuka huɗu masu sauri, wuta kuma tana da nata wayoyin daban, shi ya sa ba sa takura wa juna. Kebul ɗin da ke zuwa da cajar waya yawanci babu layukan nan huɗu a cikinsa. Zai yi caji lafiya lau, hoto kuwa ko ƙyalli. Hatta farin kebul ɗin caji na USB-C da ke zuwa a kwalin MacBook haka yake. Wajen wuta ma akwai iyaka. Kebul na gama-gari 3A yake ɗauka, in ka ninka da 20V ka samu wat 60. In kana son wat 100, sai kebul mai 5A, wanda ke da ɗan guntun na'ura a bakinsa da ke shaida wa caja ƙarfinsa.

Na uku, monita. Ba kowace mai ramin USB-C ce ke ba da wutar da za ta riƙe laftof ba. Wata wat 15 take bayarwa, daidai cajin waya. Wata 65, wata 90. Wasu ma ramuka biyu gare su a baya, ɗaya na laftof, ɗaya na ƙananan kaya, sai ka duba wanda aka rubuta wat a gefensa.

Bari mu yi lissafi da misali. Ɗauki ThinkPad T480 mai cajar wat 65, wato 20V × 3.25A. Raminsa yana fitar da hoto, yana karɓar caji. In monitarka tana ba da wat 65, magana ta ƙare, ajiye caja a jaka. Ko da kebul mai 3A ne, wat 60 za su isa, kuma ba lallai ka lura da bambancin ba.

To idan monitar tsohuwa ce mai HDMI kawai fa? Nan sai ka sayi hab, ɗan akwatin nan mai baki da yawa, wanda ke da HDMI da kuma ramin da aka rubuta PD. Caja ta shiga hab, monita ta shiga hab, hab ya shiga laftof. Sai dai shi ma hab ɗin yana cin nasa rabon, da yawansu har wat 15 suke riƙewa. Ka ga 65 a cire 15, saura 50. Kana rubutu ko karatu, wat 50 sun wadatar. Amma kana haɗa bidiyo, laftof ya ɗau zafi, sai caji ya koma tafiyar hawainiya. Maganinsa caja mai wat 100 da kebul mai 5A, laftof ya samu har 85, ya ɗebi abin da yake buƙata. Kar ka ji tsoron babbar caja za ta ƙona shi. Kafin wuta mai ƙarfi ta fara tafiya, caja tana faɗin abin da take da shi, laftof ya zaɓi wanda ya yi masa.

Yanzu yaya za ka gane inda matsala take? In caji na shiga amma monita ta ce No Signal, fara zargin kebul, ka gwada wanda ya zo a kwalin monitar, sannan ka tabbatar ka zaɓi USB-C a jerin hanyoyin shigar hotonta. In Windows ya nuna maka Display connection might be limited, yana nufin wani abu a hanyar, rami ko kebul ko hab, ba ya ɗaukar hoton yadda ake so. In ya ce Slow USB charger connected, wat ne bai isa ba, koma kan lissafin da muka yi.

Akwai kuma na masu monitar 4K: hoto ya fito, amma kibiyar linzami tana tafiya tana ɗingishi. Duba saitin allo, za ka tarar 30Hz yake maimakon 60Hz. A laftof masu DisplayPort 1.2, sai an ba hoto layukan nan huɗu duka kafin a samu 4K a 60Hz. In hab ya raba su, biyu na hoto biyu na fayil, sai ya sauka zuwa 30Hz. Wasu monitocin Dell suna da saiti mai suna USB-C Prioritization, inda za ka zaɓi High Resolution ko High Data Speed. Ka zaɓi na farko, hoto ya yi santsi, amma filashin da ka soka a jikin monitar zai rage sauri.

Ga masu aiki da sola ko inbata, ku sa wannan a lissafi: monitar da ke cajin laftof tana jan wutarta da ta laftof ɗin a haɗe. Kuma in an ɗauke wuta, hoto da caji tare za su tafi, laftof ya koma kan batirinsa.

Shawarata, ranar da za ka je sayen monita ko hab, tafi da laftof ɗinka da cajarsa. A haɗa a gabanka, ka ga hoto ya fito, ka ga alamar caji ta kama, ka duba 60Hz, sannan ka biya. Wanda ke da tambaya ya ajiye mana sunan laftof ɗinsa da adadin wat ɗin da ke rubuce a jikin cajarsa, za mu duba tare a shiri na gaba. Sai mun haɗu.