Wasiƙar Jajibirin Taro: Me Ya Kamata Ta Ƙunsa?

Mutumin Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun, idan aka kira shi taro a Talata Mafara, sai ya biya kuɗin mota ko na kabu-kabu, ya bar gonarsa wuni guda, kuma ya lissafa lokacin da zai kamo hanyar gida tun rana ba ta yi sanyi ba, saboda halin da hanyoyin yankin suke ciki. Shi ya kamata sakatare ya sa a gabansa in ya zauna rubuta saƙon imel na jajibiri, wato wanda ake turawa ana gobe taro don tabbatar da cewa yana nan. Wanda ofishinsa ke kusa da ɗakin taron, ko an yi kuskure ba abin da ya yi asara. Na nesa ne ke kwana a ciki.

Tarurruka irin wannan ba baƙi ba ne a yankin. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya haɗa Talata Mafara da Bakura da Maradun a kan ruwa ɗaya, kuma aikin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Jami'ai da injiniyoyi suna aiki da imel, yawancin manoma kuwa waya da WhatsApp suka sani. Saboda haka imel ɗin da sakatare ya tura ba ya tsayawa inda aka aika shi. Wani zai ɗauki hotonsa ya jefa a zauren WhatsApp, wani ya karanta wa shugabansa a waya. Dole ke nan saƙon ya wadatar da kansa. Wanda ya rubuta "taronmu yana nan kamar yadda aka sanar" bai faɗa wa kowa komai ba, don sanarwar farko ta nutse ƙarƙashin saƙonnin mako biyu.

A ɗauka sakataren wata ƙungiyar manoman rani ya kira wakilai ranar Laraba. Ga abin da zai tura da safiyar Talata. A gurbin `Subject` ya sa: Taron kuɗin ruwa, Laraba 12 ga Nuwamba, 10:00 na safe. Sannan a ciki:

"Assalamu alaikum, Alhaji da sauran wakilai. Ina tabbatar muku taronmu yana nan ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, daga ƙarfe 10:00 na safe zuwa 12:30 na rana, a ɗakin taro na sakatariyar ƙaramar hukumar Talata Mafara. Abu biyu za mu yanke: kuɗin ruwa na wannan rani, da ranar da za a fara yashe magudanan ruwa. Kowane wakili ya zo da jerin sunayen manomansa da girman gonar kowa, da rasit na kuɗin ruwan bara, na asali da kwafi ɗaya. Don Allah a amsa mini kafin la'asar ɗin yau Talata: zan zo, ko wane zai wakilce ni. Lambar wayata tana ƙasa."

Abu na farko da za a lura da shi, babu kalmar "gobe" ko ɗaya. Sabis a ƙauyukan nan yana zuwa yana ɗaukewa, kuma mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Ko ba a kai nan ba, saƙon da aka tura Talata yana iya shiga wayar mutum da asubahin Laraba. In ya ga "gobe", sai ya shirya wa Alhamis. Shi ya sa ake rubuta sunan rana da kwanan wata tare, kuma a duba kalanda kafin a tura, don kuskuren da ya fi yawa shi ne ranar da kwanan watan su saɓa, musamman in an kwafi tsohon saƙo an gyara rabi. Alamar an yi wannan kuskure ba ta ɓuya: kafin azahar wayar sakatare za ta cika da "Malam, Laraba ce ko Alhamis?"

Lokacin tashi ma yana da nauyi daidai da lokacin farawa, ko da yake shi aka fi mantawa. Wakilin Kaya da ya ga 12:30 ya san zai yi azahar a Mafara ya isa gida da sauran rana. In ba a faɗa ba, ko dai ya ƙi zuwa, ko ya fice ana tsakiyar magana, daidai lokacin da ake bukatar bakinsa. "Bayan azahar" kuwa ba lokaci ba ne da za a rubuta shi kaɗai, tun da kowane masallaci da lokacin da yake tayar da salla.

A ganina, inda aka fi yin ha'inci ba da gangan ba shi ne wajen faɗin dalilin taro. "Domin tattauna muhimman batutuwa" jimla ce mai kama da magana alhali fanko ce. Idan an ce za a yanke kuɗin ruwa, wakili zai zagaya mutanensa da daren nan ya ji abin da za su iya biya, ya zo da amsa. Idan ba a ce ba, zai zauna ya saurara, a ƙarshe ya ce sai ya koma ya yi shawara, a sake sa wata rana, a sake kashe kuɗin mota.

Abin da za a zo da shi kuma a faɗe shi filla-filla, har da adadi: na asali ko kwafi, guda nawa. Wannan ne ma ya sa saƙon safe ya fi na dare. Wanda ya samu labari da hantsin Talata, ranar kasuwar Mafara, zai yi kwafinsa a shago yana cikin cin kasuwa. Wanda ya samu bayan isha'i sai dai ya zo hannu rabbana. Sakataren da ya san zai shagala da safe yana iya rubutawa tun dare ya yi amfani da `Schedule send` na Gmail, saƙon ya fita da kansa ƙarfe takwas. Kada kuma a ɓoye muhimmin bayani cikin takardar da aka maƙala wa saƙon. Mai ƙarancin data ba zai buɗe ta ba, kuma ba ta fita a hoton da aka tura WhatsApp.

Imel ba kasafai yake gaya wa mai shi ko an karanta ba. Amsar da aka nema kafin la'asar ita ce ma'auni: in wakilai goma sha biyu ne, takwas suka amsa, sauran huɗun sai a bi su da kira kafin magariba, a fara da na nesa. Idan kuma wani abu ya sauya bayan an tura, misali aka ɗage taron ko aka canja ɗaki, kada a amsa a ƙarƙashin tsohon saƙo, don tsohon take zai ci gaba da nuna tsohon lokaci. A buɗe sabo, a fara takensa da "An canja", a rubuta komai daga farko, sannan a kira na Kaya da na Bakura ɗaya bayan ɗaya tun ba su yi sammako ba.