Yadda Ake Yanka Fili a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk manhajar da aka rubuta da harshen C, idan tana son wurin ajiya sai ta kira `malloc`, in ta gama ta mayar da `free`. Abin da ke bayan waɗannan biyun ya yi kama da aikin mai yanka fuloti: fili ɗaya ne, masu nema da yawa, kowa da girman da yake so.

A ce filin bayit 512 ne. A goshin kowane yanki ana ware bayit 16 don rubuta girmansa da adireshin yanki na gaba da ba kowa a ciki. Wannan sarƙa ta yankunan da ba a kama ba ita ce jerin da ake bi ana dubawa.

Wani ya nemi bayit 100. Sai a cika su 112, don komai ya tafi goma sha shida-goma sha shida, a haɗa da goshi ya zama 128. A yanka masa, saura 384 su koma jeri. Na biyu ya nemi 200, ya ci 224. Na uku ya nemi 100, ya ci 128. Abin da ya rage 32 ne kacal. Da bai kai haka ba ma, ba a yankawa, gara a bar wa mai nema duka, domin guntun da goshi zai cinye ba shi da amfani.

To, a nan gizo ke saƙar. Na farko da na biyu sun mayar da nasu, sai ga mai neman 300. A duba jeri: wannan 112, wancan 208, babu mai isa. A ce masa babu wuri, alhali ga fili nan kwance kafaɗa da kafaɗa.

Maganin shi ne rushe katanga. Littafin Kernighan da Ritchie na 1978 ya bi hanya mai sauƙi: a jera yankunan bisa adireshi, duk wanda aka mayar a duba maƙwabtansa.

```c
if ((char *)p + p->size == (char *)p->next) {
    p->size += p->next->size;
    p->next = p->next->next;
}
```

Ma'ana, in ƙarshen wannan ya taɓa farkon na gaba, a haɗe su. Yanzu 128 da 224 sun zama 352, a cire goshi ɗaya, saura 336. Mai neman 300 ya samu.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe, a ganina, shi ne su duba maƙwabcin gaba su manta na baya. Manhajar ba za ta faɗi ba, sai dai fili ya yi ta daddatsewa a ɓoye. Gwajin kuwa ba wuya: a mayar da komai, sannan a ƙirga jerin. Dole a tarar da yanki ɗaya tak mai bayit 512. In an ga biyu, akwai katangar da ba a rushe ba.