Mai Juyen Albasa a Bakin Titin Tambuwal

Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega ta Tambuwal yake ratsawa, kuma shi ne tirela ke bi ta Koko da Yawuri da Kwantagora, ta haye Kwara a Jebba, ta faɗa Ilori da Ibadan har Legas. Ƙauyukan fadama na Tambuwal da Kebbe, inda ake noman rani, yawancinsu ba kan wannan titi suke ba, tirela kuwa ba ta shiga hanyar yashi da kwazazzabo. Dole ƙananan motoci, kanta da a-kori-kura, su fito da albasa bakin kwalta. Daga nan ɗan kasuwa na da zaɓi biyu: ko ya sauke kayan a sito har mota ta samu, ko a juye su kai tsaye daga ƙaramar mota zuwa babba, buhu bai taɓa ƙasa ba. Na biyun nan sana'a ce mai zaman kanta, kuma akwai masu cin abinci da ita.

Mai haɗa juye ba shi da sito, sau da yawa ko mota ba shi da ita. Jarinsa waya da littafi da sanin mutane. Yakan fara aiki tun kafin ranar lodi. Zai ji daga masu kaya buhu nawa kowa ya ɗinke da garin da za a kai masa, ya tara lissafi har ya kai cikin mota, sannan ya nemi 'yan kamasho su ba shi tirelar da ta sauke kaya a Sakkwato tana neman na komawa kudu. Direban da zai koma fayau yakan sassauta kuɗi, don haka irinta ake farauta. In an yanke rana, sai a aika gonaki: kowa ya fito da nasa da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi, domin albasar da ta yini cikin buhu a tsakar rana zufa take yi.

A wurin lodi, kanta kan yi baya ta manna gindinta da gefen tirela ko bayanta. 'Yan dako biyu na ɗora wa na uku buhu, shi kuma ya taka katako ya miƙa wa masu jera kaya a sama. Mai juye na tsaye da littafinsa, duk buhun da ya haye sai ya duba shaidar da aka yi masa da fenti ya ja sanda ɗaya ƙarƙashin sunan mai shi. Jerin ma da ƙa'idarsa. In motar na da kayan Ilori da na Ibadan da na Legas, na Legas ake fara sakawa can kurya wajen kan mota, na Ilori ya zo ƙarshe a bakin ƙofa. Wanda ya birkita wannan ya sa an sauke rabin mota a Ilori don ciro buhu ashirin, ya mayar da ɗawainiyar da aka gudu tun farko.

Ga lissafin, da farashi na misali, tunda kuɗin dako na sauyawa da lokaci. A ƙaddara tirela za ta ɗauki buhu 300, kanta kuma na kawo 40 a sawu ɗaya, wato sawu takwas ke nan, na ƙarshe bai cika ba. A ce ɗan dako na karɓar naira 300 duk ɗagawa. In an bi ta sito, ɗagawa biyu ce, shiga da fita: naira 180,000. In juye aka yi, ɗagawa ɗaya ce: naira 90,000. A ƙara hayar sito da kuɗin mai gadi, a ce naira 200 kowane buhu a mako, 60,000 ke nan. An tsira da 150,000.

Wannan ne kowa ke gani, amma a ganina shi ne ƙaramin ɓangare. Albasa na numfashi ko bayan an cire ta, tana fitar da ruwa da zafi. Duk jefa buhu da aka yi, wasu ƙwayoyi na ƙujewa, kuma ta wannan rauni ruɓa ke shiga. A ɗakin kwano marar iska, cikin zafin Maris da Afrilu, ƙwaya ɗaya da ta ruɓe tana jiƙa na kewayenta. In cikin buhu 100 an rasa 3 a wannan makon, buhu 9 ke nan a mota, kuma in buhu naira 50,000 ne, asarar ta kai 450,000, ninki uku na abin da aka rage a dako da haya. Ba a ma sa kuɗin masu zazzagewa su tsince su sake ɗinki ba.

Sai dai sito na yin wani aiki da ba a cika lura da shi ba: a can ake gane mugun kaya. Tunda juye ya tsallake shi, dole tsinta ta koma gona. Albasar da za ta hau tirela kai tsaye sai wadda aka shanya a inuwa har wuyanta ya bushe ya ƙulle, ɓawonta na ƙara in an taɓa. Gogaggen mai juye ba ya yarda da manyan da aka yi ado da su a bakin buhu. Yakan duba gindin buhu ko akwai danshi, ya sa hannu tsakiya ya ji ko da ɗumi, ya lura da wanda ƙuda ke bi. Buhun da ya faɗi wannan gwaji gefe ake aje shi, ko da mai shi na roƙo yana cewa “Alhaji, a yi haƙuri, ɗan kaɗan ne.” In ya hau, sai a kasuwar Mile 12 ta Legas za a ji warinsa, bayan ya lalata na maƙwabta.

Babbar matsala ita ce lokaci. In kanta ɗaya ta kafe a yashi, tirela na tsaye da gurbin buhu 40, direba na neman kuɗin kwana, sauran kayan na dahuwa ƙarƙashin tamfol. Shi ya sa mai dabara kan riƙe wani manomi na kusa da titi a matsayin ciko. In kuma tirelar ce ba ta zo ba, kaya na bakin kwalta ba rumfa. An ga girman wannan a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Kayan gwari suka taru a arewa, farashinsu ya faɗi, kuma wanda tsarinsa duka ya dogara ga tashin mota a ranar, shi ya fi jin jiki. Manyan kamfanoni irin Walmart na Amurka, da suka yi suna da tsarin juye tun shekarun 1980, da motocinsu da tsayayyen jadawali suke yinsa. Mai juye a Tambuwal kuwa da alkawarin baki yake aiki.

Juye kuma ba na kowa ba ne. Lokacin cire albasar rani kasuwa cike take, farashi a ƙasa. Manomin da ya shanya tasa da kyau ya zuba a rudu mai shan iska, yana jiran damina ta kankama kaya su yi wuya, zai iya cin ribar da ta ninka abin da juye ke ragewa, ko da wani kaso ya ruɓe. Wanda juye ya yi wa daidai shi ne ɗan kasuwar da dillalinsa a kudu ya riga ya faɗa masa farashi, yana son kuɗinsa su dawo cikin mako ya sake sayen wata motar.