Saƙon da Aka Goge Kuma Ya Dawo

Mutum zai zauna ya share tarin saƙonnin imel daga wayarsa, ya ga akwati ya yi fes, ya ajiye wayar. Bayan ɗan lokaci ya sake ɗauka, 'yar alamar nan mai juyawa ta juya, sai ga saƙonnin nan sun dawo wurarensu kamar ba a taɓa su ba. Ya sake gogewa, su sake dawowa. Wasu kan ɗauka an yi musu kutse ne, wasu su ce wayar ce ta tsufa. Mafi yawan lokaci ba ko ɗaya. Umarnin gogewar ne bai kammala a inda ya kamata ya kammala ba.

Saƙonnin da ke kan wayar kwafi ne. Na ainihin suna zaune a sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ya ba ka adireshin imel. Aikin da ake kira daidaitawa shi ne manhajar wayarka ta tuntuɓi sabar, ta tambaye ta abin da ke cikin akwati yanzu, sannan ta gyara abin da take nuna maka ya yi daidai da amsar da ta samu. Idan maganar waya da ta sabar suka saɓa, ta sabar ake ɗauka. Saboda haka daidaitawar ba ita ce mai laifi ba, aikinta ta yi: ta tarar saƙon yana nan a sabar, ta dawo maka da shi. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa yake nan har yanzu.

Yawancin manhajojin imel suna magana da sabar ta hanyar ƙa'idar da ake kira IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986. A tsarin wannan ƙa'ida, gogewa mataki biyu ce. Da farko manhaja takan sa wa saƙon alama cewa na gogewa ne. Daga baya sai ta ba da umarni na dabam cewa a kwashe duk masu wannan alama. Ga yadda umarnin biyu suke idan an rubuta su:

```
a1 UID STORE 4821 +FLAGS (\Deleted)
a2 EXPUNGE
```

Lambar 4821 ita ce lambar da sabar ta ba wannan saƙo a cikin akwatin. Layin farko alama kawai ya sa. Kamar ginin da hukuma ta shafa wa jan fenti ne don rusawa: an yanke masa hukunci, amma yana nan tsaye har ranar da katafila ta zo. Layi na biyu shi ne katafilar. An tsara shi haka da gangan, don wanda ya yi kuskure ya iya cire alamar kafin a kwashe. Tsari ne mai hikima, sai dai ya bar tazara tsakanin matakan biyu, kuma a cikin wannan tazarar ce matsalar take faɗawa. Wata manhajar takan ɓoye saƙo da zarar ta sa masa alama, ta jinkirta kwashewa sai lokacin da aka rufe ta. Idan ba a taɓa rufe ta yadda ya kamata ba, saƙon yana nan. Wata na'urar da ke kan akwatin, wadda ba ta ɓoye masu alama, za ta ci gaba da nuna shi, wani lokaci da layi a jikinsa.

Abin ya ƙara tsawo idan manhajar tana kai saƙo kwandon shara ne, wanda shi ne abin da yawancinsu ke yi. A tsohon tsarin IMAP babu umarnin ɗauke saƙo daga wani akwati zuwa wani. Sai a 2013 aka fitar da umarnin `MOVE` a matsayin ƙari, kuma ba kowace sabar ko manhaja ke amfani da shi ba. Inda babu shi, kai saƙo shara aiki uku ne a jere: a kwafa shi zuwa `Trash`, a sa wa na asali alama, a kwashe na asalin. Manhajar kuwa ba ta jira ukun su kammala kafin ta ɓoye maka saƙon. Tana ɓoye shi nan take don kada ka ga tana da nauyi, ta ci gaba da aikin a bayan fage. Idan wani mataki ya gaza, kai ba ka sani ba sai daidaitawa ta gaba ta fallasa.

A ɗauki misalin wani ƙaramin ofis da aka ba adireshinsa wurin ajiya na gigabait 1. Shekara da shekaru ana turo takardu da hotuna, wurin ya cika maƙil, sababbin saƙonni suka daina shigowa. Sakatariya ta gane cikar ce, ta zaɓi manyan saƙonni arba'in ta danna gogewa. Suka ɓace daga allo. A bayan fage manhajar ta fara da matakin farko, kwafi zuwa shara, sai sabar ta amsa:

```
a3 UID COPY 4821 Trash
a3 NO [OVERQUOTA] Quota exceeded
```

Ma'anar amsar ita ce babu wuri. Kwandon shara yana cikin gigabait ɗayan nan ne, kuma kwafi yana buƙatar wurin da zai zauna ko da na daƙiƙa ɗaya ne kafin a cire na asali. Tun da kwafin bai yiwu ba, manhajar ba ta wuce zuwa mataki na biyu ba, kuma daidai ta yi, domin da ta wuce da saƙon ya salwanta ba tare da ya bi ta shara ba. Inda ta gaza shi ne ba ta faɗa wa sakatariyar komai ba, ko kuma ta nuna ɗan rubutu a ƙasan allo da ya wuce kafin a karanta. Wannan shiru na manhajoji, a ganina, shi ne rabin wahalar: sabar ta faɗi dalilinta ƙarara, aka ƙi isar da shi ga mai buƙatarsa. Daidaitawa ta zo, saƙonni arba'in suka dawo. Akwatin ya cika har ya kai ba a iya rage masa kaya ta hanyar da aka saba.

Mafita a nan ita ce a cire wani abu ba tare da kwafi ba. A fara da zubar da abin da ke cikin `Trash` da `Junk`, domin zubar da su kwashewa ce kai tsaye. Idan babu komai a cikinsu, a zaɓi saƙo ɗaya mai nauyi wanda aka tabbata ba a buƙatarsa, a danna `Shift` tare da `Delete` a Thunderbird ko Outlook na kwamfuta. Wannan yana tsallake shara, kuma ba a dawo da abin da aka goge ta haka, don haka a duba sau biyu. Da an sami sarari kaɗan, gogewar yau da kullum za ta ci gaba da aiki. Masu kula da sabar da suka san aikinsu sukan ba kwandon shara ɗan ƙarin wuri a kan iyakar akwatin saboda wannan tarkon.

Cikar wuri ɗaya ce daga cikin dalilai, kuma akwai gwaji guda da ke raba su cikin minti biyu. A goge saƙo ɗaya daga manhajar, sannan a buɗe akwatin ta burauza, a shafin kamfanin imel ɗin. Abin da shafin ya nuna shi ne abin da ke sabar.

Idan saƙon yana nan a shafin, umarnin bai isa ba ko an ƙi shi. Sai a duba yawan wurin da ya rage. Idan da sarari, a duba ko manhajar ta san wane akwati ne shara, domin wata sabar `Trash` take kiransa, wata `Deleted Items`, wata `INBOX.Trash`, kuma manhajar da ke kwafi zuwa akwatin da babu shi za ta gaza kamar yadda ta gaza a ofishin can. A Thunderbird ana gyara wannan a ƙarƙashin `When I delete a message`, inda ake zaɓar akwatin, ko a zaɓi sa alama kawai, ko cirewa nan take. Wanda ya zaɓi sa alama kawai ya kamata ya kunna zaɓin kwashewa lokacin rufewa. Raunin sabis ma yana cikin wannan rukuni: abin da aka goge ba tare da intanet ba yana shiga layin jira a cikin waya, kuma idan wayar ta kashe manhajar don tattalin batir kafin layin ya tafi, wasu manhajojin sukan rasa shi. Haka nan akwatin da ake tarayya a kansa, inda aka ba mutum izinin karantawa amma ba a ba shi na gogewa ba.

Idan kuwa saƙon ya ɓace daga shafin amma yana dawowa a na'urar, sabar ta yi aikinta, ma'ajiyar manhajar ce ta rikice. A Thunderbird akwai `Repair Folder` a cikin bayanan akwatin, wanda ke sake gina jerin saƙonnin. A Outlook akan rufe manhajar, a sauya wa fayil mai ƙarshen `.ost` suna, ta sake sauko da komai. A waya akan cire asusun a sake sa shi. Kafin a yi ko ɗaya, a tabbata babu saƙon da bai tafi ba ko daftarin da ke kan na'urar kaɗai, domin su ba su da kwafi a sabar, kuma mutane da yawa sun yi asararsu a wannan gaɓar.

Gmail yana da nasa hali da ke rikita mutane. A wurinsa akwatuna laƙabi ne da ake manna wa saƙo guda. Cire saƙo daga `Inbox` ta wasu manhajojin cire laƙabin ne kawai, saƙon yana nan a `All Mail`. Idan wani ya amsa a cikin zaren tattaunawar da saƙon yake ciki, zaren gaba ɗaya zai koma `Inbox` da tsofaffin saƙonninsa, mai shi ya ga kamar abin da ya goge ne ya dawo. Gogewa ta haƙiƙa a Gmail sai saƙon ya shiga shara, inda yake kwana 30 kafin a share shi.

Sauran masu amfani da tsohuwar ƙa'idar POP3 matsalarsu ta ɗan bambanta. A can ma umarnin `DELE` alama ce, kuma sabar ba ta kwashewa sai manhajar ta yi sallama da umarnin `QUIT`. Idan sabis ya yanke kafin sallamar, ƙa'idar ta ce kada a goge komai, sai saƙonnin su zauna. Sannan idan an zaɓi barin kwafi a sabar, manhajar tana riƙe da jerin lambobin saƙonnin da ta riga ta sauko da su, a Thunderbird cikin fayil ɗin `popstate.dat`. Ranar da jerin ya lalace, ko aka koma sabuwar sabar da ta ba saƙonnin sababbin lambobi, manhajar za ta ɗauki kowane tsohon saƙo a matsayin sabo ta sauko da shi, har waɗanda aka goge daga kwamfutar shekaru da suka wuce. Ana gane wannan da cewa dukkansu suna zuwa a lokaci ɗaya a matsayin waɗanda ba a karanta ba, kuma waɗanda ba a goge ba sukan zama bibbiyu. Gyaransa shi ne a shiga ta burauza a share tsofaffin daga sabar, sannan a sa wa manhajar adadin kwanakin da za ta riƙa barin kwafi kafin ta cire shi.