«Kwana Biyu» Kwana Nawa Ne?

Idan Bahaushe ya gamu da abokinsa ya ce masa «kwana biyu», ba wanda zai tsaya lissafi. Wataƙila mako uku ke nan rabonsu da juna, wataƙila tun bara. Gaisuwa ce, kuma kowa ya gane. Haka muke da «kwanan nan», «kwanakin baya», «an jima», «ɗan kaɗan», «'yan kwanaki». Kalmomi ne masu sauƙaƙa zance, da a ce babu su da hira ta koma tambayar alƙali. Amma akwai wuraren da dole sai an mayar da su lamba, kuma ban san inda wannan ya fi fitowa fili kamar gaban teburin ma'aikacin lafiya ba. A can, magani yakan rataya ne a kan amsar tambaya biyu: tun yaushe, kuma sau nawa.

Dubi tari. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi a Najeriya ita ce duk wanda ya kai mako biyu yana tari a gwada kakinsa, ko tarin fuka ne. Tarin kwana uku yawanci mura ce, za ta wuce. To ga mutum biyu, ɗaya shekaranjiya ya fara, ɗaya ya kusa wata guda yana fama, kuma dukansu in aka tambaye su za su ce «wallahi kwana biyun nan ne». Ba ƙarya suka yi ba. Wanda ya rubuta «kwana 2» a kati ya sallame su da maganin mura shi ne ya yi kuskure, domin ya ɗauki gaisuwa a matsayin lissafi.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ranar Litinin ce, 6 ga Mayu 2024, wani dattijo ya zo ƙaramin asibitin garinsu.

«Baba, tun yaushe kuke wannan tarin?»

«Kwanan nan ne, 'yata. Bai daɗe ba.»

Ma'aikaciyar da ta san aikinta ba za ta ce masa «kwana nawa?» ba, domin zai ba ta lambar da ta fara zuwa bakinsa. Ba kuma za ta ce «kamar mako ɗaya ko?» ba, domin dattijo mai kawaici zai amsa da «haka ne» don kada ya musa wa likita. Sai ta nemo ranar da ba zai manta ba.

«Ranar Idin ƙaramar Sallah, kuna tari?»

«Ina yi. Har a filin Idi ya sarƙe ni, sai da na kusa da ni ya miƙo mini ruwa.»

«Daren ashirin da bakwai na azumi fa, da kuka je tahajjudi?»

«A'a, lokacin lafiyata lau. Har aka idar ban yi ko gyaran murya ba.»

A Najeriya an fara azumin 2024 ranar 11 ga Maris, aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Daren ashirin da bakwai ya faɗo ne a daren da ya waye 6 ga Afrilu. Ke nan tarin ya fara tsakanin 6 da 10 ga Afrilu, kuma zuwa 6 ga Mayu ya yi kwana 26 zuwa 30. «Bai daɗe ba» ya zama kusan wata guda, ya ninka mako biyun da ƙa'ida ta ce. Baba ba zai tafi gida ba sai ya bar kakinsa a ɗan kofin gwaji.

Abin lura a nan shi ne turke biyu ta kafa, ba ɗaya ba. Ta nemo ranar da tabbas ciwon yana nan, ta kuma nemo ranar da tabbas bai zo ba. Da ta tsaya a kan Idi kaɗai, da abin da za ta sani shi ne tarin ya kai kwana 26, amma yana iya zama wata uku. Turke na biyu shi ne ya rufe ɗayan gefen. Idan kuma tazarar ta yi faɗi, misali mutum ya ce da ƙaramar Sallah lafiyarsa ƙalau amma da layya yana kwance, to akwai kusan kwana 70 a tsakani, sai a raba ta da wani abu: sunan jikarsa, ruwan shuka na farko, ranar da ya sayar da rago a kasuwar garinsu. Ana ci gaba da rabawa har tazarar ta matse yadda za ta isa a yanke hukunci. Ba lallai ne a gano ranar ba. In an tabbatar tari ya haura mako biyu, an sami abin da ake nema.

Akwai dalilin da ya sa ba a dogara da kintacen mutum kai tsaye. Ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da ya faru, amma ba ta manna masa kwanan wata, kuma tana da halin jawo abin da ya daɗe ta matso da shi kusa. A 1964 wasu masana ƙididdiga a Amurka, Neter da Waksberg, sun nuna haka lokacin da suke tambayar magidanta kuɗin da suka kashe wajen gyaran gida: mutane kan sa gyaran da ya riga ya wuce a cikin watannin da ake tambaya. A 1983 Loftus da Marburger suka gwada magani. Maimakon su tambayi mutane abin da ya same su cikin wata shida da suka wuce, sai suka tambaye su tun daga ranar da dutsen St. Helens ya yi aman wuta, wato 18 ga Mayu 1980, ranar da mutanen yankin ba su manta ba. Jawo tsohon abu kusa ya ragu. Masu auna tamowa a ƙauyukanmu ma haka suke yi idan yaro ba shi da takardar haihuwa, sukan tsara kalandar gari mai ɗauke da Sallah, Mauludi, shuka, girbi da sanyin hunturu, su gano watan haihuwarsa da ita.

Yawa ma haka yake, sai dai shi ba turke yake bukata ba, ma'auni yake bukata da iyakar lokaci. Uwa ta ce yaro ya yi «ɗan gudawa». A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, gudawa ita ce kashi mai ruwa sau uku ko fiye a cikin awa 24, kuma idan ta kai kwana 14 ta shiga wani aji da ake kula da shi daban. Tambayar «sau nawa yake yi?» ba ta cika haifar da amsa ba, «da yawa» za a ce. Amma «Maman yaro, daga sallar asuba zuwa yanzu sau nawa kika wanke masa jiki? Da dare fa, sau nawa kika tashi?» tambaya ce da za ta iya ƙirgawa da yatsu, domin ita ta yi aikin da hannunta. An gajarta lokacin, an kuma tambaye ta abin da ta yi, ba abin da take tsammani ba.

Laifin ba na marasa lafiya kaɗai ba ne, kuma a ganina na wanda ke bayan tebur ya fi nauyi, tunda shi aka koya wa. «Ki ba shi cokali ɗaya» magana ce da ba ta da gindi a gidan da ke da cokalin shayi, da na shinkafa, da ludayin koko. Cokalin magani mililita 5 ne, kuma ya kamata a nuna wa uwa layin a jikin murfin kwalbar ko a sirinji, ta gani da idonta. «Ki jiƙa garin gishiri da sukari a ruwa mai ɗan yawa» ya ma fi haɗari, domin in ruwan ya yi kaɗan gishirin ya yi wa yaro yawa. Idan fakitin na lita ɗaya ne, a ce mata ledar fiya wata biyu, mai rabin lita kowace, kuma abin da ya rage bayan awa 24 a zubar. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa, mai haɗin atimita da lumefantirin, sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma sha na biyu awa takwas ne bayan na farko. Wanda aka ce wa «ka ƙara an jima» zai iya ƙarawa bayan awa biyu ko ya bari sai gobe. In ya sha na farko ƙarfe 12 na rana, a gaya masa na biyu ƙarfe 8 na dare, bayan sallar isha'i.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu. A lissafin da muka gada, dare ke gaba da yini, shi ya sa «daren Juma'a» a bakin yawancin dattawa yake nufin daren da Alhamis ta wuni ta shiga, wanda zai waye Juma'a. Matashin ma'aikacin da ya saba da kalandar bango yana iya jin daren da ke biye da sallar Juma'a. Tazarar awa 24 ke nan, a kalmar da kowannensu ya ɗauka ba ta da shubuha. Ga mace mai naƙuda da ake son sanin yaushe faya ta fashe, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Tambaya ɗaya ke warware shi: «Da gari ya waye, wace rana ce?»

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa wa'adi marar iyaka rigima yake haifarwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi take magana, kuma ta yi umarni a rubuta shi da lokacin da aka ambata. Shi ya sa «ku dawo idan bai ji sauƙi ba» bai isa sallama ba. Ya kamata ta zama rana da alama: ku dawo ranar Alhamis da safe, amma in ya kasa shan nono, ko ya yi jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya sha, kada ku jira Alhamis, ko tsakar dare ne ku kawo shi. Sannan a ce wa uwar ta maimaita da bakinta, domin «to» da gyaɗa kai ladabi ne kawai, ba shaidar an gane ba.

Wani lokaci kuma da gangan ake ɓoyewa a bayan kalma. Amarya da aka tambayi rabonta da al'ada a gaban uwar mijinta za ta ce «kwanakin baya» ta sunkuyar da kai, kuma ba turken da zai fitar da amsa sai an sallami surukar waje. Wanda ya sha ƙwayoyin kemis ya ce «'yan kaɗan» yana tsoron faɗa ne, gara a ce ya kawo kwalin a ƙirga gurbin da ya ɓare. Idan kuma an yi duk wannan aka ga mutum da gaske bai tuna ba, kada a matsa masa har ya ƙirƙiro lamba don a rabu da shi. Irin waɗannan amsoshi sukan taru a kan «mako ɗaya», «kwana goma», «wata guda». A rubuta tazarar yadda ta fito, «tsakanin mako 3 da 5», wanda zai duba katin a zuwa na gaba ya san iya abin da aka tabbatar.